Ƙullin Masu Saƙa

Hudu ya cusa katinsa cikin agogon bakin ƙofa, agogon ya buga masa bakwai saura kwata, ya zare ya mayar da shi layinsa. Yau kwanon abinci biyu ne a jakarsa. Tun jiya da Mista Pruitt, shugaban sashen saƙa, ya dafa kafaɗarsa ya ce gobe za a kawo sabon ma'aikaci ɗan Najeriya kuma shi zai koya masa aiki, Hudu ya kasa zama wuri ɗaya. Shekararsa huɗu a wannan masaƙa ta yadin jins a garin Greensboro na Amurka, bayan bakwai da ya yi a wata masaƙar a Kakuri ta Kaduna, bai taɓa samun wanda zai ce wa ina kwana a wurin aiki ba.

Matarsa Rumasa'u sai da ta yi masa dariya da asuba tana zuba dafa-duka. "Ko sunansa ba ka sani ba, ka sa ni ƙara shinkafa."

"Ko wane ne, ai zai ci," in ji shi.

A ƙofar ofishin Pruitt ya tarar da shi. Dogo ne siriri, zai yi shekara talatin, sanye da farar shat mai dogon hannu wadda ta sha guga. Hudu bai jira a gabatar da su ba.

"Salamu alaikum! Barka da zuwa, ɗan'uwa! Ya hanya, ya baƙunta? Sunana Hudu, daga Kaduna."

Mutumin ya dube shi, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Da Turanci ya amsa cewa sunansa Obiora, daga Enugu. Ya ɗan rusuna, amma hannunsa na dama bai fito daga aljihu ba.

Hudu ya ɗan ji kunya, amma murnarsa ba ta ragu ba. Ibo ne, to sai me? Ai gida ɗaya ne. Ya juya harshe zuwa Turanci ya ja shi suka kama hanya, bakinsa bai tsaya ba.

Ya nuna masa inda katinsa yake da yadda ake buga shi, ya ce in ya makara ko da minti uku ne, za a rubuta. Ya kai shi akwatin ajiye kaya, ya ce ya nannaɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, don inji ba ya tambaya kafin ya ja. Ya ba shi robar toshe kunne guda biyu, da ɗan almakashi, da wata siririyar ƙugiya ta jan zare. Ya ce gobe ya manta da farar riga, don kafin la'asar shuni zai mayar da ita shuɗiya. Ya faɗa masa injuna ba sa tsayawa don cin abinci, a tsaye ake ci ko a karɓi juna. Ya gaya masa bas ɗin da ke tashi daga unguwar Glenwood ƙarfe shida da minti goma.

"Abu na ƙarshe," Hudu ya ce da suka iso wata ƙofa mai kauri. "A ciki ba a jin magana. Bakin mutum ake kallo. Kafin wata biyu za ka iya. In kana neman wani, ɗaga hannu. Ka shirya?"

Ya tura ƙofar. Ƙarar injin saƙa ɗari huɗu ta doke su a ƙirji. Daɓen katakon yana rawa a ƙarƙashin ƙafa, ɗumi da laima suka rufe su, ɓurɓushin auduga yana yawo cikin hasken fitilu. A kowane inji ƙoshiya, ɗan katakon nan mai ɗauke da zaren kwance, tana kai da komo da saurin da ido ba ya iya bi. Obiora ya ja baya taku ɗaya. Hudu ya yi dariya, don shi ma haka ya yi ranar farko.

Ya kai shi wani injin da aka kashe a kusurwa, inda masu koyo ke farawa. An rataye tufkar guntayen zare a jikinsa. Duk aikin mai saƙa a kan abu ɗaya ya rataya: in zaren tsaye ya tsinke, inji ya tsaya, sai ka nemo shi ka ɗaura da ƙullin masu saƙa, ƙaramin ƙulli da zai wuce ta idon ƙarfe ba tare da ya maƙale ba. Hudu ya nuna masa a hankali. Ya gicciya bakin zare biyu tsakanin babban yatsa da manuniya na hannun hagu, ya zagayo da na dama, ya tura baki ɗaya cikin zoben, ya ja. Ya sake, ya sake. Sannan ya miƙa masa.

A nan ne hannun daman ya fito daga aljihu. Manuniya da yatsan tsakiya a sandare suke, ba sa lanƙwasuwa, wani tsohon tabo ya ratsa bayan hannun har wuyansa.

Obiora ya gwada. Zaren ya zame. Ya sake gwadawa, yana neman kama shi da yatsun da suka rage, ƙullin ya fito kamar na ɗaurin buhu. Hudu yana barinsa ya ruga ya tayar da injunansa da suka tsaya, ya dawo ya tarar da guntayen zare zube a ƙasa, farar rigar ta jiƙe da gumi.

Wajen ƙarfe goma Pruitt ya zo ya tsaya a bayansu. Ya kalli hannun, ya yafito Hudu zuwa bayan ƙofa.

"Ban san yadda ofis suka bar wannan ya wuce ba," ya ce. "Ba zai iya ba. Zan mayar da shi, in da gurbi a sashen sharar auduga su ba shi, in babu shi ke nan."

Hudu ya san sashen. Ƙurarsa ce ke sa tsofaffin ma'aikata tari har su kasa hawa bene.

"Ka ba ni zuwa ƙarfe uku, ranka ya daɗe."

"Ƙulli shida a minti ɗaya, kuma ya tayar da inji da kansa. In ya yi, ya samu makonni shida na koyo kamar kowa."

Hudu ya koma da sauri. Ya iso daidai lokacin da Obiora ya fizgi zare da haushi, zaren ya yanke shi a gaɓar ɗan yatsa. Ya yarfe hannu, leɓɓansa suka motsa. Babu wanda zai ji a cikin wannan ƙara. Amma Hudu ya shekara goma sha ɗaya yana karanta baki, kuma abin da ya gani ba Turanci ba ne, ba kuma Ibo ba.

Wayyo Allahna. Na shiga uku.

Hausa ce! Daɗi ya kama Hudu. Ya matsa inda Obiora zai ga fuskarsa sosai, ya buɗe baki a hankali: "Sannu."

Obiora ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sunkuyar da kai.

Hudu ya sake duban hannun. Wani abu ne ya faɗo masa, wani dattijo a Kakuri da inji ya taɓa cin yatsunsa, amma ya fi kowa saurin ɗauri. Ya kama hannun Obiora na dama, ya ɗora zaren biyu a kan sandararriyar manuniyar, ya danne da babban yatsa. Yatsan da ba ya motsi ai shi ya fi dacewa da riƙo. Sannan ya taɓa hannun hagu, ya nuna masa shi zai yi zagayen. Komai a juye, kamar a madubi.

Na farko ya warware. Na biyar ya kama. Obiora ya ja shi da ƙarfi, bai zame ba. Ya ɗago da ido a buɗe, Hudu ya daka tsalle ya tafa, har wata tsohuwar mai saƙa a layin gaba ta leƙo tana tambaya da baki ko lafiya.

Da sha biyu ta yi, Hudu ya roƙi tsohuwar ta duba masa injuna na minti goma, suka fita matakalar baya. Ya buɗe kwanonin. Obiora ya shaƙi ƙamshin daddawa.

"A Sabon Garin Kano aka haife ni," ya ce. Hausarsa tas, ta Kanawa, har ta fi ta Hudu daɗin ji. "Shekarata sha biyar muka bar garin, a sittin da shida. Tun ranar ban sake yin Hausa da Bahaushe ba."

Hudu ya kalli hannun, ya kau da ido. Shi ma yana da wayo a shekarar, ya san kisan da aka yi wa Ibo a Arewa. Ya tura masa kwano.

"Ci abinci, Malam Obiora," ya ce. "Da sauran aiki a gabanmu."

Daga nan sai gudu. Hudu yana duba agogon hannunsa yana ɗaga yatsu: uku a minti, huɗu, huɗu kuma, biyar. Ƙarfe biyu ya kai shi kan injin gaske. Ya nuna masa yadda ake shafa tafin hannu a kan jerin siraran ƙarafan bayan inji har a ji wanda ya faɗi, don shi ne alamar zaren da ya tsinke. Ya nuna masa yadda ake ƙara guntun zare, a zura ta idon ƙarfen, a jawo shi gaba da ƙugiya. Ya buga masa kashedi da hannu biyu: kada ya taɓa jan mariƙin tayarwa sai ya ga ƙoshiya ta zauna daram a gidanta, in ba haka ba za ta tsinka zare ɗari a bugu ɗaya.

Uku saura minti goma Pruitt ya zo da agogo a hannu. Obiora ya goge tafinsa a wando ya fara. Hudu yana ƙirgawa a zuci. Shida, da ɗan sauran lokaci. Pruitt ya ja kowane ƙulli, sannan ya sa almakashi ya tsinke zare ɗaya a inji mai aiki. Injin ya tsaya. Obiora ya shafa, ya samo, ya ɗaura, ya zura. Ya kai hannu kan mariƙin, sai ya dakata, ya leƙa ƙoshiyar, ya tura ta ciki da babban yatsa, sannan ya ja. Injin ya kama bugu.

Pruitt ya ɗaga kafaɗa, ya nuna agogon bango, ya ɗaga yatsu bakwai. Gobe ƙarfe bakwai ke nan.

A tashar bas Hudu sai zuba yake, kunnuwansa na ƙugi, yana lissafa abin da za su koya gobe. Obiora yana cire auduga daga gashinsa.

"Malam Hudu, kana da iyali a nan?"

"Matata, Rumasa'u."

"Mahaifiyata tana wurina. Ƙanwata ce ta kawo mu, nas ce a nan. Tsohuwar ba ta jin Turanci ko kaɗan. Shekara ashirin ta yi tana sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Wani lokaci ina jin ta a kicin tana ciniki ita kaɗai da Hausa." Ya dubi titi. "Ban sani ba ko za ta yarda ta gan ku. Watakila ta rufe ƙofa."

"In ta rufe, sai mu gaishe ta daga waje."

"In kuma ta buɗe, kada ku tambaye ta mahaifina."

"Ba za mu tambaya ba."

Bas ɗin ya ƙaraso ya buɗe ƙofa. Obiora ya taka matakala ɗaya, ya waiwayo.

"Lahadi bayan coci," ya ce. "Ku zo da yunwa."