Layi na Huɗu

Malam Luƙman ya san an taɓa masa takardar amsoshi. Ninki uku yake yi wa takarda tun yana yaro, wannan kuwa ya tarar da ita cikin jakarsa da ninki biyu.

A wata 'yar cibiyar koyon kwamfuta yake koyarwa, bayan Titin Koudoukou. Jarrabawar nan ba ta wasa ba ce: wanda ya zo na ɗaya shi za a tura koyon aiki a wani kamfani cikin gari, wanda aka kama da satar amsa kuwa kora ce.

Tambayar a kan injin jan ruwa take. A, akwai wuta. B, ruwan tanki ya yi ƙasa. C, an danna maɓalli. Sharaɗin da aka rubuta wa na'urar da ke sarrafa shi ya ce injin ya tashi idan A da B, ko kuwa idan A da C alhali babu B. Ɗalibi zai zana jadawalin gaskiya, layi takwas na sifili da ɗaya, sannan ya gajarta sharaɗin. Malam na son jadawalin nan. Kullum gani yake kamar hatimin malaman da.

Zuciyarsa ta tafi kan ɗalibarsa Zuwaira. Ita ke zama dab da teburinsa, ita ta fara miƙa takarda, har da hamma. Da ya gwada aikinta da nasa, layi bakwai suka dace, na huɗu ya saɓa. Ya ce a ransa, wayo ne, ta ɓata ɗaya da gangan don kada a gane.

Bayan azahar ya kira ta.

"Zuwaira, wa ya taya ki?"

"Taya ni me, Malam? A da B, ko A da C. Na fitar da A waje, saura B ko C. Wancan 'babu B' ɗin ado ne kawai, in B na nan ai sharaɗin farko ya riga ya tayar da injin."

"To layi na huɗu fa? Sifili, ɗaya, ɗaya. Amsa ɗaya ce, kin sa sifili."

Ta leƙa takardar, ta dube shi. "Malam, A sifili ne fa. Babu wuta. Da me injin zai tashi, da addu'a?"

Ya jawo takardar amsoshinsa. Ya bi layin da yatsa. Kowane ɓangare na sharaɗin da A ya fara. In babu A babu komai. Hannunsa ne ya zame ya sa ɗaya, daga jadawalin kuma ya ciro gajeriyar amsa mai reshe uku: A da B, ko A da C, ko B da C. Reshen ƙarshen nan ba shi da uwa ba shi da uba a cikin tambayar.

"Je ki," ya ce.

Sai ya tuna akwai takarda ɗaya da ya ba maki cikakke. Ya zaro ta daga ƙasa. Siddiƙ ne, ɗan yayarsa, magidanci mai neman barin tuƙin babur, wanda kullum ke ɗauko shi daga unguwar Yakité, jakar na rataye a wuyan babur ɗin. Ga ɗaya a layi na huɗu, ga B da C a zaune daram.

Ya same shi a ƙofa yana goge madubin babur.

"Kawu, mu tafi?"

"Shigo tukuna. Injin da babu wuta, yaya aka yi ya tashi a takardarka?"

Siddiƙ ya yi dariya. "Ƙila da janareta, Kawu. Ka san garin nan."

"Babu janareta a tambayar. Ina ka samo B da C?"

"Kuskure ne. Mutum ba ya kuskure?"

Yana yi. Malam da kansa ya yi, wannan ne ya hana shi ɗaga murya. Amma mutum biyu su faɗa rami ɗaya, a layi ɗaya, cikin takwas? Ya miƙa masa alli.

"Ga allo. Zana min jadawalin, ka sake yin kuskuren in gani."

Siddiƙ ya ja layuka, ya rubuta A, B, C. Ya jera sifili uku. Daga nan allin ya tsaya. Hayaniyar babura na shigowa ta taga.

"Kawu," ya ce a hankali, bai juyo ba, "Inna ta riga ta gaya wa mutane ni za a tura koyon aikin."

Malam ya koma teburinsa. Ya san abin da zai tarar a gidan yayarsa. Ya jawo takardar da za a kai wa shugaban cibiya, ya rubuta sunan Zuwaira a gurbin koyon aiki. A ƙasa, inda ake bayar da rahoton satar amsa, ya rubuta sunan Siddiƙ, ya ƙara da cewa malamin ma ya yi sakaci da jakarsa.

"Yau da ƙafa zan koma," ya ce.