Wake Ɗari Biyu da Hamsin

"Ina sakamakon?" in ji Yaya Fauziyya.

Na ce yana nan ƙasa.

"Ƙasan ina? Layi ɗaya nake gani. Wai an samu sakamako mai ban sha'awa. Wata shida muna aiki, Tasi'u, ban sha'awa muka samo?"

Na ce mata wuri ne ya ƙare. Ta ce wuri bai ƙare ba, ni na cinye shi. Ta juyo mini da kwamfutar a kan tabarma, ta sa yatsa tana bin layukan kamar mai neman ƙwarƙwata.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Malamar gona ce a ƙaramar hukuma, tana kuma digiri na biyu a cikin Kano. Bincikenta a kan ajiyar wake ne. Ta gama rubuta takardar, shafi goma sha takwas da Turanci, saura tsakure, wato ɗan taƙaitaccen bayanin da ake sawa a gaba, wanda shi kaɗai masu shirya taron masana za su karanta kafin su ce a zo ko kada a zo. Ƙa'idarsu a rubuce take. Kalma ɗari biyu da hamsin, ba ƙari. Kashi huɗu, kowanne da kansa: shimfiɗa, hanyar bincike, sakamako, kammalawa. Za a rufe karɓa ƙarfe huɗu na yammar wannan Alhamis ɗin.

Ni na roƙa a ba ni aikin. Dakta Abdulkabir, malamin da ke duba bincikenta, yana neman mataimaki wanda zai iya shiga ƙauye kuma ya iya rubutu. Ƙauye kam a ciki aka haife ni. Rubutun ne ba shaida. Shekara uku da na gama sakandare, na ci Turanci, lissafi ya ci ni, tun daga nan nake zaune a gida ina haɗe rai, mutane na cewa tunani nake. Yaya ta ce in rubuta tsakuren, in ya yi za ta gaya wa Dakta ni na rubuta. In bai yi ba, ba za ta yi wa Dakta ƙarya saboda ni ba. Ta ba ni kwana uku, ta tafi zagayen gonaki wajen Gezawa.

Abin da ta dawo ta tarar ke nan. Shimfiɗa kalma saba'in, na faro tun daga muhimmancin noma a duniya. Hanyar bincike kalma ɗari da arba'in. Sakamako kalma shida. Kammalawa talatin da huɗu, inda na yi kira ga gwamnati da babbar murya. Jimla ɗari biyu da hamsin cif. Da wannan cif ɗin nake taƙama.

Ba mamaki hanyar bincike ta yi ƙiba, don nan ne nake. Ni na zaga gida talatin a ƙauyuka uku na kewayen Zakirai. Kowane gida an raba wake kashi uku: ɗaya a buhu mai ninki uku da ba ya shan iska, ɗaya a cakuɗe da toka, ɗaya a buhun da kowa ya sani. Duk wata in je in ɗebi ƙwaya ɗari daga kowane kashi, in ƙirga masu huda. Daga Disamba har Mayu. Wanda ya faɗi lissafi, shi Allah ya ɗora wa ƙirgar wake. Duk na zuba wannan a ciki, har da irin rariyar da na yi amfani da ita, da yadda nake ɗaure bakin leda, da yadda nake fita da sassafe kafin maza su tafi kasuwa. Faɗuwar da na yi da babur a cikin yashi kaɗai na bari, ita ma da ƙyar.

"Farfesa," ta ce da ni cikin zolaya, "mutumin da zai karanta wannan yana da guda ɗari uku a gabansa. So yake ya san me aka samu. Kai kuma ka tsare shi a zaure kana ba shi labarin rariya."

Na ce in ba don rariyar ba da ba a samu komai ba. Ta ce haka ne, kuma rariyar na nan a shafi na biyar ga duk mai sonta. Agogon kwamfutar ya nuna ɗaya saura kwata.

Inna Kulu, kakarmu, tana gefe a inuwar darbejiya tana tsintar wake a faifai. Ba ta jin Turanci, amma faɗa tana jinsa da kowane yare. Ta tambaya me ake rabawa. Yaya ta ce kalmomi ne, ɗari biyu da hamsin, gida huɗu. Inna ta ce to a kasa mana, kowa ya ga nasa, ta turo faifan da ƙafa.

Na ɗauka Yaya za ta yi dariya. Sai ta ce in ƙirgo wake ɗari biyu da hamsin. Na ƙirgo kafin ta gyara mayafi. Wannan kam ba wanda zai gwada mini. Ta kasa huɗu a kan tabarma. Arba'in na shimfiɗa, sittin da biyar na hanyar bincike, ɗari da biyar na sakamako, arba'in na kammalawa. Ta ce ba doka ba ce, ana iya ɗan matsawa, amma sakamako shi ne babban ɗa, don saboda shi aka yi wahalar. Duk kalmar da na buga in cire ƙwaya ɗaya in mayar wa Inna. Kashi ya ƙare, magana ta ƙare. Ta tashi ta tafi alwala, ta bar ni da wake.

Shimfiɗa ba ta ba ni wuya sosai ba. Na kori duniya da muhimmancinta. Na ce ƙwari na cin waken manoma a ajiya, ba a taɓa gwada hanyoyin nan uku tare a gidajen wannan yanki ba, binciken ya kwatanta su. Ƙwaya uku suka rage, na ji kamar na ci gasa.

Hanyar bincike ce ta yi mini ciwo. Gida talatin, ƙauye uku, hanya uku, wata shida, ƙwaya ɗari duk wata, da sunan gwajin ƙididdigar da Yaya ta yi, wanda na kwafo harafi-harafi don ban san shi ba. Ina kai nan kashin ya kusa ƙarewa. Rariya ta tafi. Bakin leda ya tafi. Fitar sassafe ta tafi. Na leƙa kashin sakamako, tuli guda, na miƙa hannu na zari ƙwaya goma. Inna ba ta ko ɗago ba ta ce, "Mayar, ɗan nan." Na mayar.

Da na zo sakamako sai na gane abin da ya sa na gudu daga gare shi tun farko. Lambobi ne. Dole na buɗe jadawali na biyu a takardar, na bi shi da tsinke. Bayan wata shida, waken buhu mai ninki uku huɗu cikin ɗari ne ke da huda. Na toka, ashirin da ɗaya. Na buhun banza, sittin da uku. Bambancin ya fara bayyana tun wata na biyu, kuma gwajin ya nuna ba dace ba ne. Na rubuta su yadda suke, na sake dubawa sau biyu. Abin kunya, ni na ƙirgo lambobin nan da hannuna, amma sai ranar na fara kallonsu a jere.

Yaya ta dawo ta karanta a tsaye. Ta gyara kalma biyu, ta ce in ci gaba. Uku saura minti goma.

A kammalawa muka sake kamawa. Na rubuta cewa toka ba ta da amfani, gwamnati ta raba buhun ga duk manoman Arewa. Ta tambaye ni a wane shafi na ga gwamnati. Babu. A wane shafi na ga duk Arewa. Babu. Ta ce abin da ba ya cikin takarda ba ya shiga tsakure, kuma gida talatin, iri ɗaya na wake, shekara ɗaya, ba su isa a yi wa Arewa hukunci ba.

"Sannan ashirin da ɗaya da sittin da uku ɗaya ne a wurinka?"

Inna ta ji an ambaci toka, ta ce a fassara mata abin da na rubuta. Da aka fassara, ta dube ni tsawon lokaci. Ta ce da waken tokar nan aka yi ƙosan sunana. Na ce Allah ya ba ta haƙuri. Ta ce ba haƙuri take so ba, a rubuta daidai.

Na goge. Na zauna ina kallon ƙwaya arba'in, ba abin da ya zo. Uku da kwata ta wuce. Yaya ta fara faɗa a hankali, ina bugawa: buhu mai ninki uku ya fi kare wake a gidajen da aka gwada, inda ba a samu ba, toka ta fi barin wake haka nan, ana buƙatar a maimaita da wasu irin wake. Ni na mayar da shi Turanci mai kyau, wannan dai ba za a ƙwace mini ba. Amma ita ta faɗa.

Kalma ɗari biyu da arba'in da shida. Muka fita bayan gida, bakin gonar gero, inda sabis ke kamawa. Ina riƙe da kwamfutar, tana ɗaga waya sama. Huɗu saura kwata tsakuren ya shiga. Ta tura wa Dakta kwafi.

Da muka dawo Inna ta riga ta ɗora tukunya. Ƙwaya huɗun da suka rage na nan a kan tabarma, kaza na nufo su. Na kore ta na zuba su a aljihu, ban san dalili ba.

Bayan La'asar wayar Yaya ta yi ƙara. Ta karanta, ta miƙo mini. Dakta ne. Ya ce tsakuren ya yi, komai ya zauna a wurinsa, musamman kammalawar. Ya tambaya ko ƙanen nan nata ne ya rubuta.

Musamman kammalawar. Na karanta wurin sau uku. Na tuna wanda na yi ni kaɗai cikin kwana uku, mai rariya da gwamnati. Na tuna kuma sakamakon nan da na bi da tsinke, ba wanda ya taya ni. Inna na fifita wuta, ta juya mana baya, amma na san kunnenta na nan.

Yaya ta karɓi wayar, ta ɗora yatsa a kai, ta dube ni.

"To, Farfesa, me zan ce masa?"