Ludayi Ɗari Huɗu da Tamanin

Ranar da Batula ta tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakin fura, ba ta tambayi kowa wanda ya sa shi ba. Mutum ɗaya ne a gidan yogot ɗin Alhaji Audi zai iya wannan rashin kunya, ƙaninta Ubaidullahi, wanda ta goya a bayanta har ya yi wayo. Tun da ya dawo Dutsin-Ma da takardar difloma, mahaifinsu Alhaji Audi ya miƙa masa ragamar wurin, yaron nan yake ganin kowa jahili ne, ita kuwa a sahun gaba.

Ta same shi a ofis yana latse-latsen waya. Ko kai bai ɗaga ba ya ce fura ta ƙare sai damina, za a sa firiza a ɗakin, matan da ke daka su nemi wani aikin. Da ta tambayi dalili sai ya juyo mata da takarda kamar mai nuna wa ƙaramin yaro hoto, ya ce lambobi ne suka yi magana, idan tana da ja ta je ta ja da su.

Asalin rigimar nono ne. Da damina Dada, dattijuwar da ke tara nonon rugagen Tamawa, takan aiko da lita ɗari uku a rana. Rani ya yi, shanu sun yi kudu, abin da ke zuwa ya tsaya a lita ɗari da ashirin, ko ƙara kuɗi aka yi ba za a samu ɗigo ba, don babu shi. Madarar gari kuwa Alhaji ya rantse ba za ta shiga gidansa ba muddin yana numfashi. Abu uku ake yi da nonon: babbar kwalbar yogot, da ƙaramar kwalba wadda Ubaidullahi ya ƙirƙiro bara, ya zana takardar da ake manna mata da hannunsa har yana kiranta 'yar lelensa, sai kofin fura da nono na Batula da ɗalibai ke saye a bakin makaranta. Nonon ba zai ishe su duka ba, dole wani ya matsa.

Shekara goma sha ɗaya Batula tana ɗakin nan. Ita ta ɗauko mata huɗu masu daka, ita ta san yawan kanunfari da citta, kuma da abin da take samu a nan take riƙe da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Ta san sarai ba firiza ce ta dami Ubaidullahi ba, so yake ya wayi gari babu mai ce masa "ba haka Baba yake yi ba". Abin ya ƙona mata rai ƙwarai, amma ba ta yi masa kuka ba. Ta naɗe takardar ta sa a jaka, ta ce su haɗu gaban Baba bayan la'asar.

Ba ta wuce sakandare ba, amma takardar ba ta gagare ta ba. Babbar kwalba dubu biyu da ɗari biyar ake sayar da ita, nono da sukari da kwalba su ci dubu ɗaya da ɗari bakwai, rara ɗari takwas. Ƙarama dubu ɗaya da ɗari huɗu, kaya ɗari tara, rara ɗari biyar. Kofin fura ɗari takwas, nono da gero da kofi da ladan masu daka ɗari biyar, rara ɗari uku kacal. A ƙasa ya rubuta tsarinsa: babba ɗari, iyakar abin da kasuwa ke ɗauka ke nan, ragowar nonon ƙarama arba'in, fura babu, rarar yini dubu ɗari cif. Ba ƙarya ya rubuta ba, shi ya fi ba ta haushi. Ta zauna a kan buhun gero tana jujjuya ludayinta na awo, wanda huɗu ke cika lita, tana kallon takardar har azahar ta wuce. Da ta miƙe, ludayin ta fara ɗauka.

Alhaji Audi yana ƙarƙashin dalbejiya a kan tabarma, ƙafarsa mai ciwo a miƙe. Ubaidullahi ya riga ta zuwa, ya gama bayaninsa da Turanci-Turanci, yana cewa a makaranta gudunmawa ake kiran wannan rarar, daga cikinta ake biyan haya da albashi da gyaran sola, kuma ko makaho ya san ɗari takwas ta fi ɗari uku. Batula ta gaishe da mahaifinta, ta ajiye ƙwaryar ruwa da kwalaben wofi biyu da kofi ɗaya. Ƙanin ya yi dariya ya ce Yaya ta zo tallan fura ne.

Ba ta kula shi ba. Ta ɗibi ruwa ta zuba a babbar kwalba, Alhaji yana ƙirgawa da ido, sai da ludayi huɗu suka shiga. Ƙarama ta sha biyu. Kofi ya sha ɗaya, saura gurbin fura.

Ta ce, "Baba, kwalba muke nema mu rasa, ko nono?"

Alhaji ya ce nono mana.

"To me ya sa ake auna mana rara da kwalba? Babba ɗari takwas take kawowa, amma ludayi huɗu take sha, kowane ludayi ɗari biyu ke nan. Ƙarama ɗari biyar a ludayi biyu, ɗari biyu da hamsin. Kofina ludayi ɗaya, ɗari uku. Nonon da zai cika babbar kwalba ɗaya, ni kofi huɗu nake fitarwa da shi, dubu ɗaya da ɗari biyu."

Ubaidullahi ya katse ta, ya ce in haka ne a zuba nonon duka a fura a ga uban da zai sha. Ta ce ai ba ta haukace ba, ta fi shi sanin bakin makaranta, kofi ɗari biyu ne iyakar abin da ke ƙarewa a yini. Lita ɗari da ashirin ludayi ɗari huɗu da tamanin ne. A ba fura ɗari biyu, rara dubu sittin. Ƙarama kwalba tamanin kasuwa ke ɗauka, ludayi ɗari da sittin, dubu arba'in. Ragowar ɗari da ashirin su tafi babba, kwalba talatin, dubu ashirin da huɗu. An tashi dubu ɗari da ashirin da huɗu, da nonon nan dai na Dada, haya da albashi kuwa suna nan yadda suke ko wane tsari aka bi. Ta dubi ƙanin nata ta ce dubu ashirin da huɗu yake shirin zubarwa a kwata kullum don kawai kada ya ga fuskarta.

Alhaji ya sa ta maimaita, yana lanƙwasa yatsu. Da ya gama ya juya wurin ɗansa ya tambaye shi ko akwai kuskure. Wallahi da yaron nan ya ce babu ya yi shiru, da an tashi lafiya. Ina! Sai ya gyara zama yana murmushi irin na wanda ya ɓoye wani abu a aljihu, ya ce lissafin Yaya ya yi kyau, sai dai ya makara. Ranar kasuwar Kurfi da ta wuce ya je wurin Alhaji Jibo, dillalin da ke ɗaukar musu babbar kwalba, ya yi masa alkawarin saba'in kullum har ruwa ya sauka, da sunan Baba, gaban mutane a shagonsa, aka shafa fatiha. Talatin ɗin Yaya ba za su cika saba'in ba.

Batula ta ajiye ludayin. Ta san mahaifinta. Shekara talatin yana hulɗa da Alhaji Jibo babu takarda tsakaninsu, kuma da a ce Audi ya yi magana biyu gara gidan yogot ɗin ya rufe. Ubaidullahi ma ya san haka, shi ya sa ya tafi Kurfi a ɓoye kafin ya sayi kwaɗo. Ta dube shi, ta ji a ranta ta tsane shi, kuma ba ta yi istigfari ba a lokacin.

Dattijon ya gyara ƙafarsa mai ciwo. Can ya ce alkawari ya ɗauru, saba'in za su tafi Kurfi ko da asara. Ubaidullahi ya fara tattara takardunsa. Alhaji ya ɗaga masa hannu, ya jawo ludayin gabansa, ya tambayi Batula nawa saba'in za su sha. Ta ce ɗari biyu da tamanin. Ya ce saura nawa. Ta buɗe baki za ta amsa sai ta tsaya, don a lokacin ne ita ma ta gani.

"Ɗari biyu, Baba."

"Wa ke kan gaba a ludayi?"

"Fura."

"Nawa take sha?"

Ta ce ɗari biyu.

Ubaidullahi ya miƙe tsaye. Ya ce ƙaramar kwalba fa, ko arba'in a bar mata, 'yan shaguna sun saba da ita, ya buga takardunta dubu biyar suna nan a kwali. Alhaji ya ce masa ya zauna, ba a yi masa magana a tsaye. Ya ce a tsarin yayarsa ƙarama tamanin za a yi, ita ce ma ta biyu a daraja, shi Ubaidullahin ne ya ɗauki nononta ya kai Kurfi ya ɗaure da fatiha. Duk kwalba ɗaya da za a yi yanzu kofi biyu za ta ture, a bar ɗari shida a kama ɗari biyar, kuma shi ya gaji da asara a yau. Dubu hamsin da shida na Kurfi da sittin na fura, dubu ɗari da goma sha shida, an yar da dubu takwas kullum har damina saboda baƙin ciki. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi makullin.

Ubaidullahi bai ba mahaifinsa a hannu ba. Ya ciro makullin ya jefa cikin ƙwaryar ruwan da ke gaban Batula, ruwan ya fantsar mata a zane.

"Ga shi nan, Batula," ya ce, ya sa takalmi ya fita.

Tun da ya fara magana a duniya bai taɓa kiran sunanta ba sai ranar. Ta tsamo makullin ta goge da bakin mayafi, tana jiran daɗin nasara ya zo, bai zo ba.

Da safe ta buɗe ɗakinta, matan suka ɗora turmi, babur ɗin Tamawa ya sauke jarkoki. Ta ware wa Kurfi nasu ta ja nata gefe. A lungun ɗakin ta ga kwalayen ƙananan kwalabe jibge har rufi, ashe nan ya fara tara su tun da ya sa kwaɗo. Ɗaya daga cikin matan ta tambaya ko a fitar da su waje a samu wurin shanya gero. Batula ta dubi takardar da ke manne a jikin kwalin, saniyar nan mai karkataccen ƙaho da ya zana ya kawo mata ta fara gani kafin kowa. Ta ce a bar su, kada wanda ya taɓa, ta ɗauki ludayi ta fara awo.