Katin da Ya Yi Aiki Sau Ɗaya

Tun rasuwar matarsa Mairo, Malam Yahya shi kaɗai ya rage a gidansa da ke wani ƙauye kusa da Zakirai. 'Yarsa Safiyatu tana koyarwa a Bici, sai da hutu take zuwa. Kafaɗarsa ta dama ta fara gazawa, ga wake ya kusa fure, shi ya sa da ya ga tallar injin feshi mai batir a waya, ransa ya biya.

A zuwanta na ƙarshe, Safiyatu ta nuna masa yadda ake buɗe kati a manhajar banki, katin da ba a riƙe shi a hannu. Yana da lambarsa, da ranar ƙarewa, da lambobin tsaro uku, amma da zarar an biya da shi sau ɗaya ya mutu. Ta ce katinsa na aljihu kuwa, wanda ke haɗe da kuɗin amfanin gonarsa na bara, kada ya ba kowa lambarsa.

Ya bi yadda ta koya masa. Ya buɗe katin, ya zuba masa kuɗin injin daidai, ya biya.

Kwanaki suka wuce, injin bai iso ba. Sai saƙon banki ya shigo cewa an sake gwada cire kuɗi da wancan katin, bai yiwu ba. Da la'asar wayar ta yi ƙara.

Wani ne mai taushin murya, ya ce daga shagon masu sayar da injin yake. Ya gaishe shi da kyau, ya tambayi damina, ya tambayi wake. Malam Yahya ya gyara zama a kan tabarma. Ya ba shi labarin kafaɗar, da tsutsar da ta ci masa rabin gona bara, har da kunun tsamiyar Mairo. Mutumin yana ta cewa Allah sarki. Rabon da wani ya saurare shi haka har ya manta.

"Baba, kuɗin mota kawai ya rage, kuma katin nan ya ƙi. Karanto mini na aljihunka, gobe kayanka su iso."

Malam Yahya ya ciro katin, ya ɗora a gwiwa. Ya san in ya ƙi, hirar ta ƙare.

"Ɗana, wannan 'yata ta hana. Direba ya kawo kayan, in biya shi hannu da hannu. Ku can an yi ruwa jiya?"

Aka kashe wayar.

Ya jima da ita a kunne kafin ya sauke. Ya duba asusunsa, kuɗin gonar suna nan yadda suke. Ya mayar da katin aljihu, ya tashi ya kora akuyarsa turke, yana faɗa mata cewa injin nan da wuya ya zo.