Shek ɗin Malam Gambo

Takardar banki ta watan Nuwamba. Littafin kuɗin kamfani a cikin leda. Gindin shek. Jan biro. Ƙullin goro da kwalin sukari na tsoho. Abin da Hasiya ta rungume ke nan a bayan taksin Gazawa, a matse tsakanin buhun wake da wata mata mai kaji.

Hasiya ce mai riƙe da lissafin wani ƙaramin kamfani a Agiye, mai sayen wake da aya. Mai kamfanin, Alhaji Tijjani, mijin gwaggonta ne. Duk ƙarshen wata takan shimfiɗa littafin a hagu, takardar banki a dama, ta bi su layi-layi. Abin da ya fito nan ya fito can, ta sa masa jan alama. Wanda ya rage babu alama, shi ne aikinta.

Da safiyar nan littafi ya ce miliyan shida da jika ɗari biyu, wato dubu ɗari biyu. Banki ya ce miliyan takwas da jika ɗari bakwai da tamanin da biyar. Abu uku ne suka rage babu alama. Jika goma sha biyar da banki ya yanke na hidimarsa, ba a shigar a littafi ba, ta shigar. Jika ɗari huɗu da aka zuba ranar ƙarshen wata da yamma, banki bai nuna ba tukuna, zai nuna. Sai shek na miliyan uku, wanda aka rubuta tun Oktoba, kuɗin wake, har yau ba a kai shi banki ba. Sunan da ke gindinsa: Malam Gambo. Kakanta ne, kuma surukin Alhaji Tijjani.

Alhaji bai damu da littafi ba. Shi saƙon da banki ke turo masa a waya yake karantawa, kuma saƙon ya ce takwas da wani abu. Ya riga ya ga wani kamyo, babbar motar kaya, a Maraɗi na miliyan takwas, ya yi alkawarin biya gobe.

"Alhaji, kuɗinka shida ne da ɗan kai," in ji Hasiya. "Ukun nan na Malam ne. Ran da ya kai shek ɗinsa za su fita."

"Wata nawa bai kai ba?"

"Ana cikin na biyu."

"To, kin gani. Dattijo ne. Ya bar mani ne, kunya ta hana shi faɗi."

"Shi ya ce maka?"

"Irin wannan ba a faɗi, ganewa ake."

"To, kira shi mu ji."

Alhaji ya dube ta kamar ta ce ya tuɓe riga a kasuwa. Shekara da shekaru yana auren ɗiyar Malam, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kiran sunansa ba. In ya hango shi a hanya, sai ya tuna yana da uzuri a wani lungu. Shek ɗin ma ta hannun matarsa ya aika.

Hasiya ta san abin da zai biyo baya. A sayi kamyo gobe, tsoho ya je banki jibi ko wata mai zuwa, a dawo masa da takarda a ce babu kuɗi. Wakensa na shekara ke nan, kuma banki ba ya mantawa da kamfanin da ya ba da shek ba kuɗi. Ta tattara kayanta ta bar buro, ofishin kamfanin, ta nufi tasha.

Ta sauka a bakin kwalta, ta hau kabu-kabu zuwa ƙauyen. Ta tarar da Malam Gambo a gindin bedi yana gyaran igiyar akuya.

"A'a, amaryata!" in ji shi. "Kin gaji da samarin buro kin dawo gida?"

"Wa zai dawo wurin mijin da ba shi da haƙorin cin goro? Ga shi nan dai, a daka maka."

Suka gaisa, ta sha ruwa. Sai ta tambaye shi shek.

Ya waiga hagu da dama, ya cire hularsa, ya zaro takardar daga cikin naɗin. Ta ɗan yi laushi da zufa, amma lafiyarta lau.

"Kaka, me ya hana ka karɓa?"

"In karɓa in kai ina? Ran da na dawo Maraɗi da kuɗi, kafin in cire takalmi garin nan ya sani. Sai dangi su yi layi: Rabilu zai yi aure. Habibu rufin ɗakinsa ya zube. Wata ƙanwar kakar wani ba ta da lafiya. Sati guda, sai in nemi na cefane. Amma yanzu, kowa ya zo, sai in ce wallahi ko dala ban karɓa ba. Kuma ban yi ƙarya ba." Ya mayar da hular. "Kuɗina na wurin Tijjani. Ya fi rumbu, gara ba ta ci."

"Gara na gab da ci," in ji Hasiya. "Mai ƙafa shida, da hayaƙi."

Ta faɗa masa zancen kamyo, har da maganar cewa ya bar wa Alhaji kuɗin don kunya. Tsoho ya yi dariya har akuyar ta tsorata.

"Ni? Na ba shi ɗiya, in ƙara masa da wake?"

"To, ka je ka karɓi abinka gobe da sassafe."

"Su Rabilu fa?"

Hasiya ta juya jan biron a hannunta. Ita ba ta damu a karɓa ko kar a karɓa ba. A takardar daidaitawarta shek ɗin zai zauna a layinsa, wanda aka bayar ba a kai ba, lissafi ya tashi daidai. Abin da take so kawai, kuɗin su kwana inda suke.

"Kaka, yaushe rabonka da Agiye?"

"Tun sunan ɗan autan gwaggonki."

"Ba ka marmarin ganin jikokinka?"

Malam ya dube ta, ta dube shi. Ya miƙe ya shiga neman babbar rigarsa.

Bayan la'asar suka iso. Alhaji Tijjani na tsakar buro, waya a kunne, yana gaya wa mai kamyo ya wanke motar da kyau. Sai ya ji sallama daga bakin ƙofa, ya gane muryar. Wayar ta kusa faɗuwa. Ƙofar fita ɗaya ce, kuma surukinsa na tsaye a cikinta. Ya ja da baya, ya faɗa ɗakin ajiyar buhuna.

Malam Gambo ya zauna a kujerar Alhaji, ya miƙe ƙafa, ya ɗaga murya yadda har masu auna aya a waje za su ji.

"Amarya, ina mai gidan?"

"Ya ɗan shiga duba kaya, Kaka."

"Kar a dame shi, yaron kirki ne. Na ji an ce gobe zai Maraɗi. Ki ce masa ya rage mani hanya. Akwai wata 'yar takarda da nake so in nuna wa mutanen banki. Ko in nuna, ko kar in nuna, sai yadda na ji a hanya. Ni zan zauna gaba, kusa da shi, mu sha hira."

Daga cikin buhuna aka ji tari.

Hasiya ta ɗauki takardar daidaitawa, ta je bakin ɗakin. Alhaji na tsugune bayan buhunan wake, hula a hannu, zufa na zuba.

"Alhaji, ga ta. Littafi da banki sun haɗu a miliyan shida da jika ɗari da tamanin da biyar. Sa hannu kawai ya rage."

Ya karɓa, ya dafa a kan buhu, ya sa hannu ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Har yaushe zai riƙe takardar nan?" ya tambaya da raɗa.

"Ya ce sai Rabilu ya yi aure."

"Yaushe ne auren?"

"Bai samu matar ba tukuna."

Alhaji ya miƙo mata takardar, ya jawo ƙofar ya rufe kansa a ciki. Muryarsa ta fito ta jikin kwano.

"Ki sai mashi nama, ki biya mashi mota. Ki kira mai kamyo ki ce an fasa."