Ƙarnin Kifi a Motar Hajiya Baraka

Tun da ciwon baya ya hana ni shiga ƙarƙashin mota na miƙa wa ɗana Sufyanu garejinmu da ke bakin hanyar Kwanni. Wata biyar ke nan. Amma kullum ina zuwa, in zauna a benci ƙarƙashin rumfa, in ce iska nake sha. Shi ma ya san ba iska ke kawo ni ba.

Ran Talata Hajiya Baraka ta kawo motarta. Atamfa da shadda take fatauci tsakanin Illela da Kwanni, kuma shekara goma sha biyu ba ta kai motarta wani gareji ba sai namu. Ƙannenta maza uku ma duk inda ta kai tata nan suke kai nasu. In ta juya mana baya, rabin aikin garejin ya tafi, kuma a kasuwa za a ce Attahiru ya bar wa ɗansa wuri ya kashe. Wannan shi ne abin da nake tsoro tun ranar da na miƙa makullai.

Ƙarar da take ji a baya ce ta dame ta. Sufyanu ya duba ya ce shokozoba biyu sun mutu. Ta ba shi makulli, ta ce za ta dawo ran Alhamis bayan azahar, don ran Juma'a da safe za ta loda kaya.

Ran Alhamis da hantsi na iso na tarar an wanke motar tana ƙyalli, an buɗe but, an shanya kafet ɗinsa a kan tsohuwar taya. Na yi mamaki, domin mu ba ma wanke mota sai an ce mu wanke. Da na matso sai wani wari ya bugi hancina. Ba fetur ba ne, ba baƙin mai ba ne. Na shekara talatin ina shaƙar motoci, ban taɓa jin wannan a jikin mota ba. Ƙarni ne.

Na tambayi Sufyanu. Ya ce jiya ya fita gwaji, kuma ya riga ya wanke. Na ce ban tambaye shi ko ya wanke ba, me ya zuba? Sai ya duƙar da kai ya shiga goge sifana da ba ta da datti. Sufyanu ba ya mini ƙarya. In ba ya son faɗin abu, shiru yake yi, kuma shirun nan ya fi ƙarya tayar mini da hankali.

Na rabu da shi na zagaya motar. A cikin ramin tayar baya, inda ruwan wanki bai kai ba, akwai baƙar laka da ta bushe. Ƙasar cikin gari ja ce da yashi. Baƙar laka sai wajen fadama. To, wannan bai dame ni ba. Wanda ya canza shokozoba dole ya nemi hanya mai gargada ya ji ko ƙarar ta tafi, kuma ni da kaina na koya masa bin hanyar tafkin Kalmalo. Gwaji yana cikin aiki, mai mota ya san da shi. Amma gargada ba ta ƙarni.

Na sa ya ɗaga katakon ƙasan but, ya ciro safaya. A ramin da take kwanciya ruwa ya taru, kamar cikin kofi biyu, ya yi kauri. Shi kafet ya wanke, bai tuna ruwa yana gangarawa ƙasa ba. Na sa yatsa na ɗauko wani abu mai sheƙi kamar farce. Ɓawon kifi ne, na karfasa.

Ina riƙe da shi a tafin hannu sai na tuna abin da na ci jiya bayan la'asar. Shafa'atu, matar Sufyanu, tana jego, kwana ashirin da haihuwa. An aiko mini da farfesun kifi daga ɗakinta, aka ce mahaifinta ne ya kawo mata ɗanye daga Kalmalo. Har na sa albarka na nemi ƙari. Mahaifinta kuwa shi ne Malam Abdulbaqi, mai makarantar allo da ta ilimi a unguwarmu, kuma ba shi da ko keke.

Na ce, "Surukinka ka ɗauko."

 Yaron da ko sunan Malam ba ya iya faɗi a gabana, yaya zai ce Malam ne sanadin ɓata motar mutane? Da ƙyar ya ba ni labarin, yana cewa "su baban su Shafa". Ya juyo daga gwaji ya hango shi a bakin hanya cikin rana, da bokitin kifi, yana jiran mai babur. Sun haɗa ido.

"Baba, mi zan yi? In wuce shi?"

Ni ma da ni ne ban san ko zan iya wucewa ba.

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa raina shi ne mu kwashe ruwan, mu wanke da omo, mu turara turaren wuta, mu rufe bakinmu. Mun kwashe, mun wanke. Amma a ƙarƙashin kafet akwai wani soso mai kauri da aka manne, ya sha ruwan tun jiya. Muka rufe but na minti goma a rana, muka buɗe, ƙarnin ya taso kamar ba a yi komai ba. Atamfa kuwa tana ɗaukar wari fiye da komai. In Hajiya ta loda turmi hamsin ta rufe ta tsallaka iyaka, kafin ta isa Kwanni babu macen da za ta saya.

Na kasa zama. Na ɗauki sandata na nufi zauren Malam Abdulbaqi. Ban yi niyyar faɗa masa komai ba. So nake in ji hukuncin abin kawai, in san iyakar abin da ke wuyan ɗana. Bayan mun gaisa na yi masa godiyar kifi, sai na ce wani bakanike ne aka bar masa mota, ya fita gwaji, ya rage wa wani dattijo hanya, kayan dattijon suka ɓata motar.

Malam ya ce akwai bambanci tsakanin wanda aka ba ajiya kawai da mai sana'a. Mai ajiya, in abu ya lalace ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Amma mai sana'ar da ke karɓar kayan jama'a ya yi aiki a kansu, tela ne ko maƙeri ko bakanike, malamai sun ɗora masa lamuni, sai in ya kawo shaidar cewa ɓarnar ba daga gare shi ta zo ba. Ya ce balle wannan, an ba shi izinin gwaji, ba a ba shi izinin ɗaukar kaya ba. Daga lokacin da ya buɗe but ya sa kayan wani, duk abin da ya biyo baya nasa ne, ko da niyyarsa alheri ce.

Na ce to in ya gyara ɓarnar a ɓoye fa, mai motar bai sani ba?

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Malam Attahiru, kayan dattijon nan, ba kifi ba ne?"

Na ce Allah gafarta Malam, kifi ne.

Ya ce ya ɗauka motar gareji ce. Da ya san ta mutane ce da ya tsaya a rana har mai babur ya zo. Ya jawo takalmansa ya ce mu tafi. Na roƙe shi ya zauna, na ce Sufyanu zai nutse don kunya. Ya ce shi ma da tasa kunyar, gara su haɗa.

Mun iso ke nan Hajiya Baraka ta sauka daga Keke Napep. Ta gaida Malam da ladabi, tana mamakin ganinsa a gareji. Ta dubi kafet a kan taya, ta dubi but a buɗe, ta ja numfashi sau ɗaya.

"Oga Atta, gyara na kawo ko suya?"

Na buɗe baki zan fara, Malam ma ya gyara murya, sai Sufyanu ya riga mu. Ya durƙusa ya faɗa mata duka: hanyar da ya bi, abin da ya ɗauka, inda ruwan ya kwanta, har da wankin da ya yi don kada a gane. Abu ɗaya ya bari, bai ce ko wane ne dattijon ba. Ya ce laifinsa ne shi kaɗai, zai cire soson da kafet ɗin ya sa wasu daga aljihun gareji, kuma kada ta loda ko ƙyalle sai ta shinshina da kanta.

Malam ya ce, "Hajiya, dattijon ni ne."

Ta rufe baki da gefen mayafi. Na kasa gane ko dariya take dannewa ko fushi. Ta ce wa Malam ba komai, Allah ya bar zumunci. Amma da ta juyo kan Sufyanu muryarta ta canza. Ta ce da ya kira ta a waya daga bakin hanyar, da ta ce ya ɗauki Malam har gida, ya sa bokitin a gaba tsakanin ƙafafu. Motarta ce, ita ke da ikon yin alheri da ita. Kuma abin da ya fi ɓata mata rai ba kifin ba ne, wankin ne.

Ta tambaya yaushe za a gama. Ya ce soson sai an aiko daga Sakkwato, Asabar da yamma. Ke nan lodin Juma'a ya wuce ta, sai ta nemi motar ƙaninta Halliru. Ta karɓi makullin daga wurinsa tana juya shi a hannu, ni kuwa ina kallon hannun nan kamar ba ni da sauran aiki a duniya. Akwai gareji uku tsakaninmu da tasha, kowanne zai karɓe ta da murna.

Ta buɗe ƙofar direba, ta murɗa makulli, ta leƙa mita. Ta ciro biro a jaka ta rubuta lambar kilomita a bayan wata takarda, a gabanmu, ba ta ɓoye ba. Shekara goma sha biyu ba ta taɓa yi mini haka ba. Sannan ta zare makullin ta miƙa wa Sufyanu.

"Asabar. In akwai gwaji, ka kira ni mu tahi tare."

Da suka watse na koma bencina. Sufyanu ya ɗauko wuƙa ya fara kankare soson, ƙarnin yana tasowa har rumfa. Can ya ɗago ya tambaye ni ko in ya samo littafi, zan riƙa rubuta masa lambar mitar kowace mota da abin da ke cikinta ranar da aka kawo ta, mai ita yana tsaye, tunda dai kullum ina nan ina shan iska. Na ce ya samo mai babban layi, idona ba kamar da ba.