Dubu Talatin Ɗin Magini

Wata biyar da rasuwar mijinta, ƙaninsa ya buɗe mata littafin masu cin bashi a kan kantar shagon simintin da marigayin ya bari, ya nuna shafin wani magini.

"Matar Yaya, mutumin nan ya karye, ko shebur bai rage masa ba. Dubu tamanin ɗin nan ba za su fito ba. Zan rufe shafin, in kai su asara. Sa hannu."

Ita ba ta yi nisa a karatu ba, amma ta san hagu kayan da aka ɗauka ne, dama kuɗin da aka biya. Ta duba dama, wayam.

"Ina dubu talatin da ya kawo?"

"Wace dubu talatin?"

"Kwana uku da binne yayanka! Ina zaune a tsakar gida idona a kumbure, ya miƙa maka a baƙar leda, ya ce a rage. Ka ɗauka kuka ya makantar da ni?"

Ya shiga sosa ƙeya, wai mantuwa ce.

"Mantuwar da ta san hanyar aljihu! So kake ka binne su cikin asara, marayu su ɗauka. Rubuta!"

Ya rubuta talatin a dama, da kwanan watan da aka biya. Saura hamsin. A ƙarƙashi ya rubuta hamsin, bashin da ya mutu, shafin ya daidaita.

Ta jawo aljihun tebur ta bar shi a buɗe.

"Littafi ya ce talatin sun shigo. Zuba su nan, sannan in sa hannu."